Ƙarfe 3 a Dawanau

A Mairairai, nisa da lokaci ba su taɓa saɓawa ba. In ka ce za ka ƙauyen da ke gabas da mu a amalanke, kowa ya san hantsi zai yi maka a can, yau haka, gobe haka, sai fa in damina ta cika fadama. Motar da ke zuwa Mayahi ranar kasuwa ma an san inda rairayi ke riƙe ta, an san kuma iyakar turin da za a sha kafin ta fita. Alkawari kuwa da salla ake ɗaure shi: bayan azahar, kafin la'asar, in an sallame isha'i. Wanda ya riga zuwa ya shimfiɗa tabarma ya jira, ba mai cewa an wulaƙanta shi. Da wannan tunani na shiga Kano a watan Disamba na 2013, ina sakataren ƙungiyar manoman wake ta yankinmu, da littafina da birona, ina ganin na waye don na yi lakwal a Tasawa.

Abin da ya kai mu ba ɓoyayye ba ne. Mun gaji da sayar da wake tiya-tiya ga masu bin kasuwannin ƙauye, alhali mun san ƙarshen tafiyar kayan Dawanau ce, babbar kasuwar hatsin nan da ke bakin Kano ta hanyar Katsina. Muka ce mu je da ƙafarmu mu ga mai sayen gaskiya. Wani furoje da ke taimaka mana ya biya kuɗin mota, ya haɗa mu da ma'aikacinsa, saurayi mai tsafta da fara'a wanda kowa ke kira Mushe. Mu biyar ne: Baba shugaban ƙungiya, wanda ya haura saba'in, Hajiya ma'aji, da kuɗin jama'a ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zane, wani yaro mai ɗaukar samfurin wake, Mushe, sai ni.

Tun a Maraɗi Mushe ya raba mana takardar tsarin wunin, an buga ta da inji, layi biyar. Ƙarfe 9 a Dawanau da dillali, a nuna samfur. Ƙarfe 10 da rabi a Wapa, a canza sefa zuwa naira. Ƙarfe 11 a Sabon Gari wajen mai injin niƙa. Ƙarfe 12 da rabi a Sharaɗa, a wani kamfani mai yin buhun nan mai ciki uku da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, a zagaya har ƙarfe 2. Ƙarfe 3 a koma Dawanau a zauna da babban Alhajin da zai sayi kayan. Washegari da asuba a kama hanyar gida, don furoje kwana biyu kawai ya biya a Kano. Na karanta wa Baba da Hajiya, na ji daɗin yadda kome ya zauna daram. Ban san abin da zan duba a cikinta ba. Da na sani, da na ƙirga tazarar da ke tsakanin layukan, in ga cewa duk zirga-zirgar wunin awa 2 aka ba ta, kuma babu wurin salla, babu wurin abinci.

Ba zan ci naman Mushe ba. Ya san Kano, amma Kanon da ya sani ta mutum ɗaya ce a bayan acaɓa. Yana ɗalibi yakan shigo sayayya, ya ɗare babur daga Ƴan Kura, ɗan acaɓa ya ratsa tsakanin motoci ya sauke shi duk inda yake so kafin gumi ya tsattsafo masa. Waccan Kanon ta ƙare a watan Janairu na 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Mutanen da babura ke ɗauka duk suka koma adaidaita sahu, ita kuwa adaidaita ba ta ratsa lungun da babur ke ratsawa, tana cin wuri kusan na ƙaramar mota, kuma tana tsayawa duk inda hannu ya ɗago. Ga aikin gadojin sama da aka tone tsakiyar gari dominsa. Ga shingayen jami'an tsaro da suka cika tituna tun harin 20 ga Janairu na 2012. Mushe ya auna gari da ma'aunin da aka riga aka daina aiki da shi.

Tafiyar kanta ta ci mu. Mun bar gida tun kafin asuba, muka sha rairayi har Mayahi, muka hau kwalta zuwa Maraɗi, sannan Ɗan Isa, sannan iyaka a Magama ta Jibiya inda aka sauke mu aka duba takardu, sannan Katsina. Dare ya raba kafin mu sauka a Fagge, gidan wani Alhaji ɗan asalin ƙasarmu da ya daɗe yana saukar da fataken Nijar. Ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi fita sai da yaro ya ja. Barcin da muka yi bai kai a kira shi barci ba. Da safe muka sha koko a tsaitsaye, Baba ya haɗiye ƙwayar ciwon sugarsa, muka shiga ƙaramar bas ɗin da aka yi mana shata. Direban Bakano ne mai ƙarancin magana. Mushe ya karanta masa takardar, ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Duk yau?" Mushe ya ce duk yau. Ya ce: "Allah ya kai mu." Ni a lokacin addu'a na ɗauke ta.

Fitar safe ta yaudare mu. Jama'a na shigowa gari, mu muna fita, hannunmu a buɗe, ɗaya hannun a cushe tun daga Kurna. Kilomita 15 ne ko kusa da haka, muka cinye su cikin minti 40, Mushe yana duban agogo yana murmushi. Muka tarar da rumfar dillali a rufe. Masu shara ne da ƴan dako da masu shayi, hazo ya rufe sito-sito, ƙamshin citta da barkono na shaƙe mutum. Maƙwabcinsa ya ce mu zauna, yanzun nan zai zo. Wajen ƙarfe 10 ya iso, kuma ba a makare yake ba a wurinsa, lokacin fitowarsa ke nan kullum. Da aka ce masa ƙarfe 9 a waya ya amsa da "to", don ba a ce wa baƙo a'a.

Sai gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya gano cewa kakarsa daga wajen Tasawa take, aka sake sabuwar gaisuwa. Aka kwance samfur. Ya damƙi wake ya watsa a tafinsa, ya ciza ɗaya don ya ji bushewa, ya nemi huda, ya aika a kira wani abokinsa da ya fi shi sanin jan wake, aka jira wannan ma. Duk wannan shi ne aikin da muka zo yi, ba ɓata lokaci ba ne. Amma takarda awa ɗaya ta ba shi, Mushe kuwa sai motsi yake a kan benci. Da muka miƙe, dillali ya raka mu har mota, a bakin mota aka buɗe wata maganar ta kuɗin dako. Na rubuta a littafina, don aikina ke nan: mun tashi ƙarfe 12 saura kwata. A takarda, a wannan lokacin mun gama Wapa, muna dab da gama Sabon Gari.

Komowa ita ce ta fara nuna mini Kano. Titin da muka bi da safe kamar an ɗauke shi an kawo wani. Tireloli na fita daga kasuwa da kaya, wata ta tsaya juyawa ta tare hanya gaba ɗaya. A Rijiyar Lemo adaidaita sun yi layi uku inda aka yi don biyu. Mu matsa taku goma, mu tsaya. Masu tallar ruwan leda da rake suna wuce mu da ƙafa, su dawo su sake wuce mu. Hayaƙi na shigowa ta taga, in ka rufe zafi ya dafa ka, in ka buɗe idonka ya yi ja. Kilomita 15 ɗin nan dai, awa ɗaya da rabi. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai. Ban taɓa tunanin hanya ɗaya na da tsawo biyu ba.

A Wapa aka ba mu rabin awa a takarda, wanda bai taɓa ƙirga kuɗin jama'a ba ne zai ce ya isa. A lokacin kowace takardar jika 10 tana komawa takardun naira dubu guda uku da ɗoriya, kuɗi suka yi tsibi. Hajiya ba ta yarda da injin ƙirga ba. Ta juya baya ta kwance ɗamararta, ta ƙirga da yatsa da miyau, ta sa na sake ƙirgawa, ta sake ɗaurewa. Ana cikin haka aka kira azahar. Mushe ya ce a bari sai Sharaɗa. Baba ya dube shi kawai, ya nemi buta. Bayan salla mai masaukinmu, wanda gidansa ba nisa, ya aiko yaro cewa abinci na jira. Mushe ya ce mun makara. Na tuna na ce: "Baba, ku ɗan ci wani abu." Ya ce: "Bari dai, ɗana, mutane na jiranmu." Ya jefa goro a baki.

Daga Wapa zuwa Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, bayan nan na gane haka. Mu a mota muka tafi, muka yi rabin awa muna zagaye, domin ƴan Karota sun hana juyawa a inda direba ya so, wurin ajiye mota kuma babu. A nan ne tsoro ya same ni. Kowa a motar ya san abin da ya faru a tashar motoci ta Sabon Gari a watan Maris na waccan shekarar, da abin da ya sake faruwa a unguwar a watan Yuli, amma ba wanda ya furta. Muna tsaye cik, mota gaba, mota baya, adaidaita manne da ƙofa ta yadda ko ka so fita ba za ta buɗu ba, sai muka ji ƙara, dam! Hajiya ta saki salati. Na ga mutane sun fara gudu ba su san inda suka nufa ba, wata mata ta yar da farantin lemo. Ni kuwa ƙafafuna suka mutu, abin da ya zo mini a rai shi ne ba wanda ya san sunana a garin nan. Tayar wata babbar mota ce ta fashe. Direba ya yi dariya, muka taya shi, amma hannuna bai daina rawa ba har muka shiga shagon mai inji.

Zaman da muka yi da shi ba zama ba ne. Mutumin ya jira mu tun ƙarfe 11, ya ci abincinsa, ya huce, ya sake hawa. Muka dubi inji a tsaye, ba mu sa an tayar da shi ba, ba mu tambayi kayan gyara ba, ba mu yi ciniki ba. Ƙarfe 3 ta buga muna bakin shagonsa, lokacin da ya kamata a ce muna gaban babban Alhaji a Dawanau. Mushe ya kira shi a salula, ya ba da haƙuri. Alhaji ya ce ba kome, yana nan har magariba. Wannan kalma ta "har magariba" ita ta ƙarasa mu, don sai Mushe ya ga ai akwai sauran awa 3, a je Sharaɗa a dawo. Direba ya ce: "Sharaɗa kudu take, Dawanau arewa. Ku zaɓi ɗaya." Aka ce masa manajan kamfani na jira, kuma an riga an rubuta.

Ta wajen Ƙofar Nasarawa, inda ake aikin gada, muka kwashe abin da ya fi awa ɗaya. Muna isa ƙofar kamfanin, ƙarfe 4 da kusan rabi, aka ce manaja ya fita, sai wani mataimakinsa. A nan na lura da Baba. Tun a mota ya fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, shi da ba ya ɗaga murya. Yanzu ga gumi na zuba a goshinsa cikin sanyin hunturu, leɓensa na rawa, yana kirana da sunan ƙanena. Ya sa ƙafa zai sauka, sai ya sulale. Mai gadin ƙofar, wani dattijo, shi ya gane. Ya ce: "Yana da suga? Ya ci abinci?" Ya ruga wajen mai shayi ya dawo da ruwa da sukari cike da cokali uku, ya ɗaga kan Baba, ya tabbatar yana iya haɗiya, ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Cikin kwata ɗaya idonsa ya dawo. Aka sayo burodi da shayi. Ƙwayar da ya sha da safe ta yi ta aikinta na sauke suga, cikin kuwa ba kome sai kokon asuba da goro. Ni ban san faɗan nan da gumin nan alamu ba ne. Na zaci gajiya ce da tsufa.

Har yau in na tuna Baba zaune a ƙasa, jingine da bangon kamfani, hularsa a gefe, rawaninsa ya warware, ƴan aiki na fitowa suna kallonsa, sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Mutumin da in ya yi tari a dandalin garinmu ake yin shiru.

Da ya farfaɗo muka ce a koma masauki. Ya ce alkawari kaya ne, a tafi Dawanau. Ba mai iya musa masa. Muka yi la'asar a makare, muka tashi ƙarfe 5 da kwata, daidai lokacin da Kano duka ke komawa gida, kuma rabinta ta hanyar Katsina take komawa. Hannun da ya buɗe mana da safe shi ne yanzu a toshe. Magariba ta riske mu a Kurna, a layin wani shinge, ana haska fuskoki da tocila, Hajiya ta ɗora hannu biyu a ƙugunta ba ta ko motsi. Salular Mushe ta yi ƙara. Yaron Alhaji ne: Alhaji ya jira, ya tashi, gobe da asuba zai yi tafiya. Juyawar ma sai da ta ci mana rabin awa.

Mai masaukinmu bai ce kome ba sai da muka ci tuwo, Baba ya kwanta. Sannan ya ce in kawo takardar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ce wa Mushe: "Ɗana, ka iya rubutu. Amma buhu ba a cika shi har baki, sai an bar wurin ɗinki." Ya karɓi birona ya juya bayan takardar. Abin da ya yi a daren nan shi nake aiki da shi har yanzu, don haka bari in faɗe shi yadda ya yi shi.

Ya fara da tambayar direba, wanda ke shan shayi a zaure, ba nisan wuri ba, a'a, tsawon tafiya a wannan sa'ar: Dawanau zuwa Fagge da tsakar rana nawa? Sharaɗa zuwa Dawanau bayan la'asar nawa? Abin da direba ya faɗa, sai ya ƙara rabinsa a kai, ya ce wannan na tirelar da za ta lalace ne da shingen da ba a san da shi ba. Sannan ya ce tafiya ba daga titi zuwa titi take ba. Daga lokacin da aka ce "to, mu za mu koma" zuwa lokacin da mota ta motsa, a ƙasar Hausa kwata ɗaya ce, ga rakiya, ga saƙon gaisuwa, ga wanda zai kewaya. Daga inda mota ta tsaya zuwa cikin rumfa wata kwata ce, balle da tsoho da mace mai ɗauke da kuɗi. Ayari da saurin na bayansa yake tafiya. Da ya tara, hanyar da takarda ta ba awa 2 ta tashi awa 6. Ya ɗora awa ɗaya da rabi na azahar da abinci da ɗan kishingiɗa, daga ƙarfe 1 zuwa 2 da rabi, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ce wannan ba a taɓa shi ko gwamna ne ke kira. Ya ce: "Daga 9 zuwa magariba awa 9 ne. Cire waɗannan. Me ya rage na zama da mutane biyar?" Awa ɗaya da rabi ya rage. Mushe ya yi shiru.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne tsarin wuraren. Mun je arewa, mun dawo tsakiya, mun tafi kudu, mun nufi arewa kuma. Ya ce Kano sau ɗaya ake ratsa ta a wuni, in an matsa. Wapa da Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari duk maƙwabtan Fagge ne, wuni ɗaya ne nasu, kuma da ƙafa, mota a bar ta a gida. Dawanau wuninta daban: dillali da hantsi, salla da abinci a can, babban mai saye bayan azahar, ba a fito ba balle a sha wahalar komawa. Sharaɗa safiya ce, don masu kamfani da agogo suke aiki, suna zuwa da wuri suna tashi da wuri, saɓanin ƴan kasuwa. Sai ya sa yatsa a layin ƙarshe na takardar ya ce nan ne babban ɓarnar. Wanda kuka zo dominsa kun sa shi a wutsiya, inda makarar kowa ke taruwa. Awa ɗayan da dillali ya ci, da na Wapa, da na gada, duk a kan Alhaji suka sauka. Mai muhimmanci shi ake fara gani, ko a sa shi bayan hutu, inda akwai sarari a gabansa da zai shanye makara.

Ya kuma koya wa Mushe yadda ake neman alkawarin tun farko, abin da ni ban taɓa ɗauka ilimi ba ne. Kada ka yanka wa mutum lokaci ka ce ya amsa, zai ce "to" ne don kunya. Tambaye shi yaushe yake zama, yaushe ya fi samun sarari. Gaya masa daga inda za ka taso, don ɗan gari na jin ka ce "daga Sharaɗa zan zo" zai gaya maka gaskiyar abin da zai yiwu. Gaya masa ku nawa ne, kuma akwai dattijo. Ɗan kasuwa ka ba shi tsakanin salla da salla, ma'aikaci ka ba shi ƙarfe, ka kuma iso kafin ƙarfen. Ka kira lokacin da kake tasowa, ba bayan ka makara ba. In kuwa wuni ya karkace, ka yanke alkawari ɗaya tun da rana tsaka ka ba mai shi haƙuri, ya fi ka ja mutum uku su yi ta zaman jiranka. Wanda ya kwana a hanya kuma ba a sa masa kome kafin hantsi. Ya ƙare da cewa mu gode wa Allah Talata ce. Da Juma'a ce, da an rufe tituna wajen masallatai tun kafin azahar, da ko Wapa ba mu gama ba.

Mushe ya ce furoje ba zai biya ƙarin kwana ba. Mai masaukinmu ya ce ɗaki nasa ne, tuwo nasa ne, kuɗin mota kuwa Hajiya ta duba ko ƙungiya za ta iya. Hajiya ta ce za ta iya, in dai an rubuta.

Laraba Baba bai fita ba sai bayan la'asar. Ni da Hajiya da yaron mai masaukinmu muka taka zuwa Sabon Gari da hantsi, minti 20, muka sami mai inji ya huce. Ya tayar da injin, muka ji ƙararsa, muka gano wanda muka kusa saye jiya cikin gaggawa ba a samun kayan gyaransa a Maraɗi, ya nuna mana wani. Mushe ya tafi Sharaɗa shi kaɗai tun ƙarfe 8, ya dawo kafin azahar da farashin buhu da samfur guda biyu. Alhamis muka wuni a Dawanau. Babban Alhaji ya yi tafiyarsa, ƙanensa muka samu, wanda ba shi da ikon yanka farashin kaya masu yawa sai ya yi waya. Ya sayi rabin abin da muka yi niyyar sayarwa. Baba ya yi cinikin da kansa, a zaune, da ƙoshi, yana jan magana yadda ya iya, har ƙanen ya ce da yayansa na nan da sun daidaita a kan duka. Sauran waken sai da ya kai bazara a sito, a cikin buhunan nan masu ciki uku.

Na koma Kano bayan an gama gadoji, an haƙa hanyar ƙasa a Ƙofar Ruwa, an miƙa doguwar gadar Sabon Gari, shingaye kuma sun ragu. Hanyar Dawanau ta yi sauƙi a wasu sa'o'in, amma ƴan kasuwa ba su fara fitowa ƙarfe 9 ba, rakiya ba ta gajarta ba, kuma bayan la'asar Kurna tana nan yadda na san ta. Direba nake fara tambaya kafin in rubuta ko layi ɗaya.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan wannan tafiya, ba ta dalilinta ba. Bai taɓa ba da labarin faɗuwarsa a gari ba, mu ma ba mu bayar ba sai yanzu. Mushe ya ci gaba a aikinsa, kuma na shaida ya canza, don ya taɓa kawo mana baƙi daga Yamai ya hana a tashe su kafin su karya. Sai dai rahoton da ya kai ofis a wancan karon ya nuna an ga dillali, an yi canji, an ga mai inji, an je kamfani, an yi ciniki a Dawanau, duka biyar, kuma ba ƙarya a ciki. Ya manna takardar tsarin a baya yadda aka buga ta tun farko. Manyansa suka yaba da yadda aka tattala kuɗin tafiya. Da kaka ta zagayo, sakataren wata ƙungiya ta wajen Tasawa ya zo mini da kwafinta, an ba su a matsayin abin koyi, yana tambaya ko Sharaɗa da nisa daga Sabon Gari.